Yadda ake karanta zobban launi na rizista da lambobin jikin kafasita

Idan ka kwance fitila mai caji, irin wadda kusan kowane gida a Kaduna yake ajiyewa saboda ɗauke wuta, za ka tarar da ɗan ƙaramin fanel wanda bai kai tafin hannu ba. A kansa akwai abubuwa iri biyu da suka fi rikita sabon koyo. Na farko wasu 'yan mulmulallun abubuwa ne masu kama da ƙwayar shinkafa, da zobba masu launi a jikinsu, babu ko harafi ɗaya. Su ne rizista, aikinsu rage gudun wuta. Na biyu wani abu ne ja ko ruwan ƙasa mai ƙafa biyu, an rubuta masa 105J 400V. Shi ne kafasita, aikinsa riƙe wuta na ɗan lokaci ya sake ta. Wannan fitilar za mu bi, domin abin da ke cikinta ya isa a koyi karatun nan.

Kafin ka taɓa komai, zare fitilar daga soket. Da'irar cajin irin waɗannan fitilu ba ta da tiransifoma da ke raba ta da wutar gida, don haka duk inda ka taɓa a fanel ɗin alhali tana jone, wutar bolt 230 ka taɓa. Ka nemi wuri mai hasken rana, tsohon buroshin haƙori na kakkaɓe ƙurar hunturu, da mitar awo irin ta masu gyaran kayan wuta, ko da mai araha ce. Idan idonka ba ya ganin ƙananan abubuwa, kyamarar waya tana maye gurbin gilashin ƙara girma. Hasken kyandir ko na ƙwai mai ja-ja yana mayar da ja ya koma ruwan ƙasa, kar ka karanta launi a ƙarƙashinsa.

Launuka goma da lambobinsu

Ana auna rizista da om. Om 1,000 shi ne kilo'om 1, om 1,000,000 kuma mega'om 1. Kowane launi yana tsaye a madadin lamba ɗaya:

baƙi 0
ruwan ƙasa 1
ja 2
ruwan goro 3
rawaya 4
kore 5
shuɗi 6
shunayya 7
ruwan toka 8
fari 9

Shunayya shi ne launin da ke tsakanin shuɗi da ja. Haddar ba ta da wuya idan ka lura da tsarin: daga ja zuwa shunayya jerin launukan bakan gizo ne, baƙi da ruwan ƙasa sun shige gaba, ruwan toka da fari sun rufe baya. Akwai wasu launuka biyu, ruwan zinariya da ruwan azurfa, amma su ba a fara karatu da su, kuma wannan ne ma babban amfaninsu ga mai koyo.

Rizista mai zobe huɗu

Juya rizistan yadda zoben zinariya ko na azurfa zai koma hannunka na dama, sannan ka fara daga hagu. Zobe na farko da na biyu lambobi ne, ka rubuta su jere da juna. Zobe na uku yana gaya maka sifili nawa za ka ƙara a bayansu. Na huɗu shi ne zoben sassauci, wato iyakar bambancin da masana'anta ta yarda a samu tsakanin abin da launi ya faɗa da abin da mita za ta nuna.

A cikin fitilar, dubi rizistan da aka ɗaura a kan ƙafafun kafasita mai 105J. A ce zobbansa rawaya, shunayya, rawaya, zinariya. Rawaya 4, shunayya 7, ka samu 47. Rawaya ta biyu tana wurin sifili, don haka sifili huɗu: 470,000. Om 470,000 ke nan, ko kilo'om 470. Zinariya tana nufin kashi 5 cikin 100. Kashi 5 na 470 shi ne 23.5, saboda haka idan mita ta nuna wani abu tsakanin kilo'om 446.5 da 493.5, rizistan lafiyarsa ƙalau. Mutane da yawa suna jefar da mai kyau don mita ta nuna 462 maimakon 470. Azurfa a wannan wurin kashi 10 ce, idan kuma babu zobe na huɗu sam, kashi 20.

Kuskuren da ya fi yawa yana zobe na uku, musamman idan baƙi ne. Baƙi a nan yana nufin kar a ƙara sifili ko ɗaya. Ruwan ƙasa, baƙi, baƙi om 10 ne. Ruwan ƙasa, baƙi, ruwan ƙasa om 100. Ruwan ƙasa, baƙi, ja om 1,000. Zobba biyu na farko ba su canja ba, amma darajar ta ninka sau ɗari. Wanda ya sa om 10 a gurbin om 1,000 ya buɗe wa wuta hanya, abin da ke gaba da rizistan ne zai ƙone. Idan lokacinka kaɗan ne, zobe na uku za ka fi tsayawa a kai.

Zinariya da azurfa suna iya zuwa a wuri na uku, kuma a nan rabawa suke yi. Zinariya ta raba da 10, azurfa ta raba da 100. Rawaya, shunayya, zinariya, zinariya om 4.7 ne. Ja, ja, azurfa, zinariya om 0.22, irin wanda ake samu kusa da manyan tiranzista a cikin amfilifaya. Wanda ke da zobe baƙi guda ɗaya tak om 0 ne, waya ce kawai aka yi mata siffar rizista.

Idan launi ya ƙi bayyana

Zafi da tsufa suna cin launi. Ja yana komawa ruwan ƙasa, ruwan goro yana kama da ja, shunayya da ruwan toka suna haɗewa. Abin da ke ceton mai karatu shi ne ba kowace lamba ake ƙerawa ba. Rizista na yau da kullum suna zuwa a kan jeri sananne: 10, 12, 15, 18, 22, 27, 33, 39, 47, 56, 68, 82, sai dai a ƙara sifili ko a rage. Masu zoben zinariya suna da ƙarin wasu a tsakani: 11, 13, 16, 20, 24, 30, 36, 43, 51, 62, 75, 91.

A fitilar akwai rizista na biyu, wanda ke kusa da ɗan jan ƙwan da ke nuna ana caji. A ce idonka ya ga ja, ruwan goro, ruwan ƙasa. Wannan zai ba ka 230. Duba jerin, babu 23 a ciki. Ko dai zobban biyu duka ja ne, om 220, ko duka ruwan goro ne, om 330. Yanzu ka san tambayar da za ka yi wa mita. Jerin bai raba gardama ko yaushe ba, domin 12 da 22 duk suna ciki, kuma bambancinsu ja ne da ruwan ƙasa. A irin wannan, awo ne kawai mafita.

Mai zobe biyar

Waɗannan galibi jikinsu shuɗi ne, kuma sun fi daidaito. Zobba uku na farko lambobi, na huɗu sifili, na biyar sassauci, wanda yawanci ruwan ƙasa ne, kashi 1 cikin 100, ko ja, kashi 2. Rawaya, shunayya, baƙi, ja, ruwan ƙasa: 470 da sifili biyu, om 47,000.

Matsalarsu ita ce babu zinariya da za ta nuna maka ƙarshe. Ka nemi zoben da ya ɗan yi nesa da sauran huɗun, ko wanda ya fi su kauri, shi ne na ƙarshe. A kan ƙananan rizista wannan tazarar takan ɓace. Ɗauki ruwan ƙasa, baƙi, baƙi, ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Daga wannan gefen 100 ne da sifili ɗaya, om 1,000. Daga ɗaya gefen ruwan ƙasa, ruwan ƙasa, baƙi, baƙi, ruwan ƙasa, om 110. Duka biyun ana ƙera su. Ko tsohon mai gyara ba zai rantse a kan wannan ba sai ya ɗora mita.

Wani abu da ke yaudarar sabon koyo: akwai ƙananan kwayil masu siffar rizista, jikinsu kore, sun ɗan fi kumbura, su ma da zobban launi. Idan launi ya ce 100 amma mita ta nuna om 2 ko 3, duba rubutun fanel ɗin kusa da shi. R yana nufin rizista, L kwayil, C kafasita.

Tabbatarwa da mita

Mita mai araha tana da matakai a ɓangaren alamar Ω, yawanci 200, 2000, 20k, 200k da 2000k. Zaɓi matakin da ya fi abin da kake tsammani girma kaɗan. Don om 330, zaɓi 2000. Don kilo'om 470, zaɓi 2000k, domin 200k bai kai ba. Idan ta nuna 1 kawai a gefen hagu, ko OL, darajar ta wuce matakin, sai ka ƙara gaba. Idan har a mataki na ƙarshe haka take nunawa, alhali darajar da launinsa ya faɗa ba ta wuce matakin ba, rizistan ya yanke a ciki.

Kar ka danne ƙafafun biyu da yatsunka yayin awo. Jikin mutum ma hanya ce ta wuta, kuma a kan rizista mai kilo'om ɗaruruwa zai ja lambar ƙasa sosai. A kan ƙananan daraja kuwa, fara haɗa bakin wayoyin mitar biyu ka ga abin da za ta nuna, sau da yawa om 0.3 zuwa 0.5, ka cire shi daga awonka. In ba haka ba om 0.22 zai zo maka kamar 0.6.

Awo a kan fanel yana da ƙa'ida ɗaya mai amfani. Sauran kayan da ke jone da rizistan suna buɗe wa wutar mita wasu hanyoyi, saboda haka lambar tana iya fitowa ƙasa da ta gaskiya, amma ba ta wuce ta. Idan launi ya ce om 330, mita ta nuna 180 a kan fanel, ba ka san komai ba tukuna: narka dalmar ƙafa ɗaya, ɗaga ta, sake aunawa. Idan kuwa ta nuna 900, kuma ka cire batir, babu sauran wuta a kafasita, rizistan ya lalace. Rizista idan zai mutu darajarsa hawa take yi ko ya yanke gaba ɗaya, da wuya ya ragu.

Launi ba ya faɗin yawan zafin da rizista zai iya ɗauka. Girman jikinsa ne ke nuna wannan, kuma da wat ake auna shi. Mai kwatan wat tsawon jikinsa wajen milimita 6 ne, mai rabin wat wajen milimita 9. Ana iya sa babba a gurbin ƙarami idan om ɗinsu ɗaya, amma ƙarami a gurbin babba zai yi baƙi ya ƙone. Idan kuma tsohon ya ƙone ƙurmus har launi ya tafi, kar ka yi ƙiyasi. Nemi fanel irinsa ka karanta na jikinsa. Wannan na cikin dalilan da ke kai masu gyara kasuwar Panteka neman matattun kaya. Ka kuma binciki abin da ya ƙona shi, domin rizista ba ya ƙonewa haka siddan, galibi dayod ko tiranzista ne ya haɗe a gabansa.

Lambobin kafasita

Ma'aunin kafasita uku ne za ka riƙa haɗuwa da su. Fikofarad, ana rubuta shi pF, shi ne ƙarami. Fikofarad 1,000 nanofarad 1 ne, nF. Nanofarad 1,000 maikrofarad 1 ne, µF ko uF.

Masu kama da ɗan gwangwani ba su da wahala, an rubuta komai a fili, misali 1000µF 16V. Abin lura a kansu shi ne suna da gefe. Dogon layin da ke gangarowa a jikin gwangwanin yana nuna ƙafar negetib, a sabo kuma doguwar ƙafa ita ce fozitib. Idan aka juya shi zai yi zafi, ya kumbura, wani lokaci ya fashe. Wanda samansa ya tashi kamar burodi, ko ya zubar da ruwa a gindinsa, ya gama aiki ko ba a auna ba. Akwai kuma 85°C ko 105°C a jikinsa. A zafin watan Maris da Afrilu na Kaduna, cikin rufaffen akwatin inbata ko talabijin, mai 105°C ya fi daɗewa.

Masu lamba uku su ne abin koyo, wato 'yan faifan nan masu kama da ƙwayar magani da masu jikin roba irin na fitilarmu. Tsarin daidai yake da na rizista: lambobi biyu, sannan yawan sifili, amsar kuma kullum a fikofarad take. Ɗauki 105. Rubuta 10, ƙara sifili biyar: fikofarad 1,000,000. Raba da 1,000 ka samu nanofarad 1,000, wato maikrofarad 1. Haka 104 fikofarad 100,000 ne, nanofarad 100, maikrofarad 0.1, kuma shi ne wanda za ka fi gani a kowane fanel. 103 nanofarad 10 ne, 472 nanofarad 4.7, 225 maikrofarad 2.2. Idan lamba biyu ce kawai, kamar 22, fikofarad 22 ne kai tsaye. Wani lokaci harafi yana zama a gurbin ɗigo: 4n7 nanofarad 4.7 ne. A rizista ma ana yin haka, 4K7 kilo'om 4.7, 4R7 om 4.7.

Babban harafin da ke bin lambobi uku sassauci ne. J kashi 5, K kashi 10, M kashi 20. A nan ne ake yawan zamewa, domin wanda ya saba da rizista yana ganin K ya ɗauka dubu ce. 104K ba dubu 104 ba ne, nanofarad 100 ne mai sassaucin kashi 10.

Sai bolt. Wasu an rubuta a fili, 400V. Wasu kuma da lamba da harafi a gaba, kamar 2A104J. 1H bolt 50 ne, 2A bolt 100, 2E bolt 250, 2G bolt 400, 2J bolt 630. Wannan lambar ita ce iyakar abin da kafasitan zai jure. Ana iya sa mai bolt sama da na asali, ba a sa na ƙasa.

Abin da lambobin suke yi a cikin fitilar

Me ya sa 400V alhali wutar gida bolt 230 ce? Domin 230 matsakaicin awo ne. Wutar tana hawa da sauka sau 50 a daƙiƙa, kuma ƙololuwarta tana kaiwa wajen bolt 325. Kafasita mai 250V yana ƙasa da wannan, zai yi aiki na ɗan lokaci sannan ya huje, wutar gida ta wuce kai tsaye zuwa dayod da batir. Wanda aka rubuta wa X2 da 275VAC an ƙera shi musamman don zama a kan wutar gida, shi ya fi aminci idan ka same shi a darajar da kake nema.

A wannan da'irar kafasitan ne ke ƙayyade yawan wutar da ke shiga batir. Maikrofarad 1 a kan bolt 230 yana barin miliamfiya wajen 72 su wuce. Idan aka yi kuskuren sifili ɗaya aka sa 104, miliamfiya 7 kacal za su wuce: fitilar za ta kwana a soket, ta yi haske na 'yan mintuna ta mutu. Idan aka sa 225 don a hanzarta caji, wajen miliamfiya 160 ne, kuma da yake babu abin da ke tsayar da cajin idan batir ya cika, ƙaramin batirin dalma na ciki zai yi zafi ya bushe da wuri. Irin wannan kafasita kuma yana raguwa da tsufa, musamman inda wuta ke yawan dawowa da ƙarfi. Jikinsa zai ci gaba da cewa 105J, amma mita mai ma'aunin kafasita ta nuna 0.3µF. Da J a jikinsa, abin da ya kamata a gani tsakanin 0.95 da 1.05 ne. Cire shi daga fanel kafin wannan awon, ka kuma tabbatar babu wuta a cikinsa.

Rizistan kilo'om 470 da muka karanta da farko aikinsa zubar da wutar da ta rage a kafasitan bayan an zare fitilar, kuma yana gama wannan cikin daƙiƙa biyu zuwa uku. Idan fitila tana cizon hannu a ƙarafan filoginta bayan an zare ta, wannan rizistan ne ya yanke. Kafin ka sa ƙarfen dalma, ɗora wani rizista mai kilo'om 100 a kan ƙafafun kafasitan na 'yan daƙiƙu, kana riƙe da shi da filaya mai hannun roba. Kar ka haɗa ƙafafun da sukundireba, tartsatsin yana cin ƙarfe kuma yana raunana kafasitan.

Idan za ka sayo sabbi, ko a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ko a shagon unguwa, rubuta abu uku a takarda don kowanne. Na rizista: om nawa, sassauci, wat nawa, misali kilo'om 470, zoben zinariya, rabin wat. Na kafasita: lambar jikinsa, harafin, da bolt, misali 105J 400V. Tafi da tsohon a leda, domin tazarar ƙafafun sabon ta dace da ramukan fanel ɗin. Mai shago yana ɗebowa ne daga ɗan akwatin da aka yi wa lakabi, kuma kaya sukan gauraye, saboda haka karanta zobban da kanka a bakin shagon, cikin hasken rana, kafin ka biya.